Firji da murhun gas na silba: yadda ake cire shatin hannu, tabon ruwa da fallatsin miya

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Firjina da murhun gas ɗina na silba ne, na kayan ɗakina, ko shekara ba su yi ba. Ƙofar firjin duk shatin hannun yara, in na goge da ruwa kuma sai ya bushe da fari-fari. Murhun ma manja ya ƙanƙame a kansa, na sa soson ƙarfe da bilic, yanzu ga ɗigo-ɗigon tsatsa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, ki raba murhun nan da soson ƙarfe da bilic, su suka jawo miki tsatsar. Ƙarfen silbar da aka yi murhun da shi akwai sinadarin kuromiyam a cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ke haɗuwa da iska ya yi wata 'yar siririyar fata a sama wadda ido ba ya gani, ita ke hana tsatsa. Bilic yana cinye fatar nan har ya bar ƙananan ramuka. Soson ƙarfe kuwa bayan ƙarzar da yake yi, yana barin ɓurɓushinsa a cikin zanen, kuma sau da yawa wannan ɓurɓushin ne ke yin tsatsa, ba murhun ba. Toka da yashi ma a bar wa gindin tukunya.

Tabon nan uku ba jinsi ɗaya ba ne, shi ya sa magani ɗaya bai yi miki ba.

Shatin hannu maiƙo ne kawai. Ki ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke, ɗigo biyu ko uku, a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ki tsoma tsumma mai laushi ki matse sosai. Amma ki fara haska fitilar waya a jikin ƙofar daga gefe, za ki ga siraran layuka duk sun nufi waje ɗaya, ko a tsaye ko a kwance. Su za ki bi wajen gugar, kada ki riƙa kewayawa kamar mai wanke faranti. Sai ki bi da tsumma mai ruwa zalla, nan take ki tsane da busasshe.

Rashin tsanewar nan ita ce tushen farin tabon da kike gani. Ruwan rijiya da na bohol a wurare da yawa suna da sinadarin kalsiyam, irin wanda ke taruwa fari a cikin butar dafa ruwa. Ruwan ya bushe, shi ya zauna. Sabulu ba ya narkar da shi, sai abu mai tsami. Ki haɗa farin khal, wato binega, da ruwa rabi da rabi, ki shafa, ki ba shi minti biyu zuwa uku, ki ɗauraye, ki tsane. In babu, ruwan lemon tsami da aka tace zai yi. Wasu firjin an yi musu shafe mai sheƙi a sama, wasu ma fenti ne mai kalar silba, don haka ki fara gwadawa a lungun da ba a gani. Kuma kada khal ya taɓa haɗuwa da bilic, iskar da suke fitarwa guba ce.

Murhun ne mai aiki. Man da ya fallatsa jiya sabulu zai ɗauke shi, amma wanda ya sha wuta sau goma ya koma ƙaro, ya yi ruwan ƙasa yana danƙo. Ki rufe gas, ki bari ya huce, ki cire ƙarafan da ake ɗora tukunya. Ki jiƙa tawul da ruwan zafi mai sabulu ki shimfiɗa a kan tabon na minti 10. Sannan ki kwaɓa bekin soda cokali uku da ruwa cokali ɗaya, kaurinsa kamar man goge baki (soda fa, ba hodar kek ba, ana yawan rikita su a shago). Ki lulluɓe tabon na minti 15, ki goge da soso mai taushi kina bin layukan nan. Gefen kan murhu da ƙasan maɓallan kunnawa, tsohon buroshin haƙori ne ke shiga, sai dai ki kula kada kwaɓin ya toshe ƙofofin wuta. Abin da ya yi taurin kai ki kankare da tsohon katin roba, ba da wuƙa ba. Tabon wata shida ba zai fita rana ɗaya ba, sai kin maimaita sau biyu ko uku.

Wannan kwaɓin shi za ki sa wa ɗigon tsatsar. In kin goge kin shafa yatsa kin ji sumul, tsatsar ta sama ce, ta tafi, kuma fatar za ta sake yin kanta in kin bar wurin a bushe. In farcenki yana maƙalewa a ɗan rami, bilic ya riga ya ci wurin, ba ya cikowa, sai dai ki hana ruwa da gishirin miya kwana a kai. Zanen soson ma haka, zai dushe amma ba zai ɓace ba.

Na san ana cewa a shafa man gyaɗa don sheƙi. Ni ban yarda da shi ba: yana yin danƙo, ga ƙurar hunturu tana manne masa. In sheƙin kike so, ki ɗiga man jarirai ɗigo biyu a busasshen tsumma, ki murza ƙofar firjin har sai kin taɓa ba ki ji maiƙo ba. Saman murhu kuwa kada ki sa masa kowane mai, wuta za ta ƙona shi ya zama sabon tabo.