Yadda ake karanta alamar Σ a lissafi

"Assalamu alaikum malamai. Ina aji biyu na babbar sakandare nan Sakkwato. Akwai wata alama Σ da ake sa mata lamba sama da ƙasa, da na gan ta a tambaya sai kaina ya kulle. Don Allah me take nufi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare nan cikin gari, kuma abin da na lura da shi shi ne ɗalibai suna ɗaukar alamar nan tamkar wani sabon lissafi, alhali tarawa ce kawai irin wadda ka iya tun firamare. Sunanta sigma, harafi ne na Girkanci, masanin lissafi Leonhard Euler ne ya shigo da ita wannan aiki a 1755. Umarni take ba ka: tara waɗannan lambobi, fara daga nan, tsaya can.

A ce ka buɗe asusu na kwana 30. Ranar farko ka jefa naira 100, rana ta biyu 200, ta uku 300, kullum kana ƙara ɗari. Rubuta 100 + 200 + 300 har zuwa 3,000 zai ci maka layi uku ko huɗu. A taƙaice ga shi:

```
30
Σ  100r
r=1
```

Abin da ke ƙasa, r=1, shi ne mafari. Lambar da ke sama, 30, ita ce matsaya. Shi kuma 100r da ke gaban alamar shi ne dokar da ke fitar da kuɗin kowace rana: ka ninka lambar ranar sau ɗari. Harafin r mai ƙirge ne kawai, yana tafiya ɗaya bayan ɗaya, 1, 2, 3, ba ya tsallake. Wani littafin i zai sa, wani k, amsar ba ta canzawa.

Tunda ɗari na cikin kowace lamba, kana iya fitar da ita waje, ka tara 1 zuwa 30 kaɗai. Dokar wannan ita ce n(n+1)/2, inda n ke nufin lambar ƙarshe, wato 30 sau 31 a raba biyu, 465 ke nan. Ninka sau ɗari, asusunka na da naira 46,500.

Yanzu ga inda nake ganin maki na zubewa. A ce an tambaye ka kuɗin da ka jefa daga rana ta 11 zuwa ta 20. Dokar na nan yadda take, 100r, sai dai ƙasa ya koma r=11, sama 20. Kwana nawa ne? Rabin aji za su ce tara, don sun cire 11 daga 20. Ƙirga da yatsu, za ka samu goma, saboda ranar 11 ɗin ita ma tana ciki. Kullum ka cire na ƙasa daga na sama sannan ka ƙara ɗaya. Na biyu kuma, dokar n(n+1)/2 daga 1 take farawa, ba za ka ɗora ta a kan 11 ba. Sai ka tara 1 zuwa 20, ka samu 210, ka cire jimlar 1 zuwa 10, wato 55. Lura, zuwa 10 na ce, ba 11 ba. In ka cire har da 11 ka yar da ranar da aka ce ka fara da ita. Saura 155, sau ɗari, naira 15,500. In ka ga 14,400 a takardarka, to ka san wannan kuskuren ne, don bambancin 1,100 ne cif, kuɗin rana ta 11.

Sai batun baka. Σ(2r+1) daga r=1 zuwa 4 na nufin 3 + 5 + 7 + 9, wato 24. In aka rubuta Σ2r + 1 ba baka, 2 + 4 + 6 + 8 za ka tara tukuna, sannan ka ƙara ɗaya sau guda, ka samu 21. Ni a jarabawa ba na ɗaga ƙafa a kan wannan, ko da yaro zai rantse abin da yake nufi ke nan.

Wani lokaci za ka ga lamba tsurarta gaban alamar, misali Σ5 daga r=3 zuwa 7. Ba r a ciki, don haka biyar ɗin za ta yi ta maimaituwa sau biyar, amsa 25. Σf da Σfx da ke zuwa a tambayoyin ƙididdiga na WAEC da NECO kuwa ba a sa musu lamba sama da ƙasa, ana nufin ka tara layin f ko na fx da ke cikin jadawalin tambayar gaba ɗaya.

Shawarata, kafin ka nemi wata doka, ka warware lambobi ukun farko da ta ƙarshe a gefen takarda, ka rubuta yawansu. Gwada Σ(3r+4) daga r=1 zuwa 20: ya kamata ka fara da 7, 10, 13, ka ƙare da 64, jimla 710. In ta ƙi fitowa, ɗauko hoton aikinka ka turo, mu duba layin da ya karkace.