Dutsen da ke ɗumi a tafin hannu: shi ke aiki ko tsammani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata uku ke nan da na sayi wani dutse mai ruwan shunayya, ametis, saboda rashin barci. Mai sayarwar ta ce yana fitar da wani ƙarfi mai kwantar da jijiyoyi. Wallahi in na riƙe shi na ɗan lokaci nakan ji tafin hannuna ya yi ɗumi, yatsuna kamar kiyashi na bi, kuma barcina ya gyaru. Maigidana ya ce zuciyata ce kawai. Yanzu ina so in saya wa mahaifiyata na hawan jini, ko ta huta da shan ƙwaya. Gaskiya ne, ko yaudarar kaina nake yi?

Amsa: Wa alaikis salam, Malama. Ɗumin nan da kike ji ba ƙarya kike yi ba, kin ji shi. Barcin ma na yarda ya gyaru. Inda muka rabu da mai sayarwar shi ne kan wanda ya yi aikin, domin duk abin da aka iya aunawa ya nuna ba dutsen ba ne. Maigida ya kusa kama gaskiya, sai dai kalmar "kawai" da ya saka ta rage wa abin daraja.

A shekarar 2001 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Christopher French, na kwalejin Goldsmiths da ke Landan, ya gabatar da sakamakon wani gwaji da ya yi da abokan aikinsa a kan mutum 80. Kowa an ba shi dutse ya riƙe, ya natsu na minti biyar. Wasu an ba su dutsen kwaz na gaske, dangin ametis ɗinki, wasu kuma gilashi ne aka yanka ya yi kama da shi, ba tare da sun sani ba. Kafin a fara, an tsegunta wa rabinsu irin abin da za su iya ji, kamar ɗumin hannu da wannan tafiyar kiyashin da kika faɗa. Da aka gama, masu gilashi sun ba da labarin abin da suka ji daidai da masu dutsen gaske. Bambancin da ya fito a wani wuri yake: waɗanda aka tsegunta wa, da waɗanda dama sun yi imani da irin waɗannan abubuwa, su suka fi jin wani abu. Gwajin ƙarami ne, ban ɗauke shi hukuncin ƙarshe ba. Amma tambayar da ya yi ita ce ta dace, kuma har yau masu sayar da duwatsun ba su kawo gwaji mai kyau da dutsen gaske ya doke na bogi ba.

Ga abin da ke faruwa a tafin hannunki. Dutse yana janye zafi daga fata da sauri, shi ya sa farkon ɗauka za ki ji shi da sanyi. Bayan 'yan mintuna zafin jikinki ya shige shi, ga hannu a dunƙule iska ba ta shiga, sai wurin ya yi ɗumi. Zafinki ne ya dawo miki. Tafiyar kiyashin kuwa, ki gwada yanzu ba dutse: ki ɗora hannu a cinya, ki rufe ido, ki tattara hankalinki kan ɗan yatsa guda na minti biyu. Mutane da yawa za su fara jin bugun jini, ko ɗan tsikari, ko nauyi. Saƙonnin nan kullum suna tafiya daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, ita ce ke watsar da su don ba ta da buƙatarsu. Ranar da aka ce miki "za ki ji kaza", sai ta daina watsarwa, ta ɗauko wanda ya yi kama da abin da aka faɗa, ta miƙo miki.

Zancen "ƙarfi" da "girgiza" da ake yawan yi yana da tushe, amma an ɗauke shi an kai inda bai dace ba. Ametis kwaz ne, sinadari ɗaya da wanda ya fi yawa a cikin yashi, ɗan ƙarfen da ya shiga cikinsa ne ya ba shi launi. In aka gasa shi da wuta yakan koma ruwan ɗorawa, a sayar da shi da sunan sitirin, a kuma jingina masa wata falala daban, alhali dutse ɗaya ne. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa in aka matse kwaz yana ba da ɗan cajin lantarki, daga baya kuma aka tabbatar in an ba shi wuta yana motsi. Da wannan agogon hannu ke aiki: wani siririn yanki na kwaz yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya. To amma batir ne ke kaɗa shi. Ki cire batirin, agogo ya tsaya cik. Dutsen da ke ƙarƙashin matashinki ba batir, ba waya, babu abin da yake aikawa ko'ina. Tsoffin Girkawa ma sun yi nasu zaton a kansa, sunan ametis a harshensu yana nufin wanda bai bugu ba, don sun ɗauka yana hana maye. Kowane zamani da abin da yake ɗora masa.

To barcin fa? A nan zan ɗan daɗe, don nan ne amfanin yake. Abu uku nake zargi, kuma ina ganin duka sun haɗu. Na farko lokacin da kika saya. Ba wanda ke neman maganin rashin barci a makon da yake barci lafiya, sai abin ya kai maƙura. Rashin barci kuwa hawa da sauka yake yi, daga maƙura yawanci sauƙi ke biyowa ko an yi magani ko ba a yi ba, sai abin da aka fara a ranar ya kwashe yabon. Na biyu, ki duba yadda darenki ya canza. Da, wataƙila waya ce a hannunki har ido ya yi yaji. Yanzu kina ajiye ta, ki riƙe abu guda, ki yi shiru, numfashi ya lafa. Wannan tsarin shi kansa muna koya wa masu rashin barci. Na uku shi ne tsammani. Babban abin da ke raya rashin barci shi ne fargabarsa: mutum ya kwanta yana lissafin awa nawa suka rage gari ya waye, zuciya na bugawa. Wadda ta kwanta da yaƙinin cewa yau akwai abin da zai taimake ta, ta riga ta sauke rabin wannan kayan.

Tsammani ba tatsuniya ba ne, yana da hanyarsa a jiki. Likitoci na kiransa tasirin filasibo, wato sauƙin da mutum ke samu daga maganin da babu komai a cikinsa. A 1978 wasu masu bincike a Amurka, Levine da Gordon da Fields, sun yi aiki da mutanen da aka cire wa haƙori. Wasu sun sami sauƙin zogi daga allurar da ba magani a ciki. Da aka ba su nalokson, maganin da ke toshe aikin sinadaran kashe zafi da jiki ke haɗawa da kansa, sai sauƙin ya gushe. Ke nan tsammani ya sa ƙwaƙwalwa ta saki nata maganin.

Sai dai yana da iyaka, kuma iyakar ce ta shafi Mama. A 2011 aka buga wani gwaji da aka yi a Boston kan masu ciwon asma. Wani lokaci a ba su abin shaƙa na gaske, wani lokaci na bogi, wani lokaci a bar su haka nan. Da aka tambaye su yadda suke ji, sun ce sun sami sauƙi kusan kashi 50 cikin 100 da na gaske, kashi 45 da na bogi, kusan babu bambanci. Da aka sa suka hura na'urar auna huhu, na gaske ya ƙara iskar da suke fitarwa da kashi 20, na bogi kashi 7 kacal, daidai da ranar da ba a ba su komai ba. Mutum yana jin ya warware, huhunsa na nan a matse. Tsammani yana taɓa abin da ake ji: zogi, tashin zuciya, gajiya, damuwa, barci. Ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya narkar da ƙari, ba ya riƙe hawan jini.

Hawan jini kuma ya fi asma wayo, don yawancin masu shi ba sa jin komai. Mama za ta iya ɗaura dutse, ta ce jikinta ya yi sakayau, ta ajiye ƙwaya, jinin na can yana cin ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye har ranar da shanyewar ɓarin jiki zai bayyana. Na taɓa ganin haka da idona, wani dattijo da ya bar maganinsa wata huɗu saboda wata munduwa, aka kawo shi baki ya karkace. Don Allah kada ta ajiye ko ƙwaya ɗaya. In ƙwayoyin ne suka gundure ta, ko suna sa ta jiri ko yawan fitsari, ku koma wa likitanta, akwai nau'o'i da yawa da za a iya canza mata. Alƙalin hawan jini na'urar awo ce, ba yadda jiki ke ji ba.

Naki dutsen ki ci gaba da riƙe abinki in yana miki daɗi, ametis a hannu ba ya cutarwa. Abin da zan hana shi ne jiƙa duwatsu a ruwa a sha, wanda wasu ke tallatawa. Akwai masu kyan gani da ke ɗauke da guba: galina tana da dalma, sinaba tana da zaiba, malakait tana da tagulla. Haka sarƙar amba, wato daskararren ƙaron itace, da ake rataya wa jarirai wai don fitar haƙori. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irin sarƙoƙin bayan wata sarƙar ta shaƙe yaro ɗan wata 18 yana barci. Kuma in rashin barcin ya dawo ya zarce wata uku, ko ana ce miki kina minshari har numfashi na ɗaukewa, a duba ki.

In kina so ki raba gardama da maigida, gwajin French yana yiwuwa a gida. Ku sami ƙwallon gilashi ko wani dutse mai girma da nauyi irin na naki, ku ɗinke kowanne a cikin jakar ƙyalle mai kauri iri ɗaya. Kowane dare shi zai jefa kwabo a ɓoye, ya rubuta wanda ya faɗo, ya ajiye miki jakar ya fita, don kada ki karanta amsar a fuskarsa. Da safe ki rubuta yadda kika yi barci daga 1 zuwa 10, da kuma wanda kike zaton kin kwana da shi. Ku yi dare 20, kada a buɗe takardarsa sai ranar ƙarshe. Mai canki-canka zai dace kusan sau 10. Dacewa sau 15 ko fiye da sa'a kaɗai kusan kashi 2 cikin 100 ce kacal, don haka in kin kai nan, ku fara duba ko jakunkunan sun bambanta a hannu, sannan ku sake wani zagayen. Ki kuma kwatanta makin barcin dararen ametis da na dararen gilashi, ki aiko mini da lambobin.