Patoro ya ce sai an rubuta sunan ciwo a sertifika

Tambaya: Dokta ina wuni. Ni sabon likita ne a Tawa. Na rubuta ma wani direba repo na kwana 15, tarin tibi gare shi, shef du personel ɗinsu ya maido takardar wai ba sunan ciwo, sun ce za su yanke mai albashi. Hankalina ya tashi, in rubuta TPM+ kawai, gajeren sunan tibin huhu a likitance, tunda ba za su gane ba?

Amsa: Ƙanena kar ka rubuta. Takardarka ta farko daidai take. Abin da ya kamata ta ƙunsa shi ne sunanka da kashenka wato hatiminka, sunan maras lafiya, ranar da ka duba shi da kanka, sai jimla ɗaya: yanayin lafiyarsa na buƙatar hutun kwana 15, daga ranar kaza zuwa ranar kaza, sai in wata matsala ta taso. Yawan kwanakin ka sa da lamba da kuma haruffa don kar a maida 15 ta koma 45. Ka sa hannu, ka ba shi a hannunsa, ba ɗan aiken patoro ba.

Wannan maganar ta "ba za su gane ba" ita ce ke ƙona min rai kullum, wallahi. Wa ya ce maka ba za su gane ba? Sakatare zai buga TPM+ ko A15, lambar ciwon a likitance, a wayarsa, kafin ya gama shan shayi ya san tibi ne, takardar kuma ta bi ta hannun mai gadi da kwantabul kafin ta shiga dosiye, gobe a gareji ba mai cin tuwo kwano ɗaya da shi, wata mai zuwa a ce kwantiraginsa ya ƙare. Har "ciwon huhu mai daɗewa" da wasu ke rubutawa wai don sakayawa tonon asiri ne. Kashe ma yana tonawa, in na sashen masu tibi ne ko na masu taɓin hankali ya riga ya faɗi komai, shi ya sa nake sa nawa na likita kawai. Sirrin maras lafiya amana ce a wuyanka, kuma dokar hukunta laifuka ta Nijar tana hukunta likitan da ya fitar da shi.

In tsoronsu ko zai harbi sauran ma'aikata ne, hukuncin nan naka ne ba nasu ba. Ranar kwana 15 ka sake duba shi, in bai isa komawa ba ka ƙara kwanaki, in ya isa ka rubuta cewa yana iya komawa bakin aiki. In shakkar takardar suke, su tura shi gun likitan ma'aikatarsu, ku yi magana likita da likita da yardar direban. In sun taɓa albashinsa ya tafi enspeksiyon du taravay da kopi.

Haɗarin aiki ne daban, can ana bayyana raunin dalla-dalla saboda CNSS, asusun inshorar ma'aikata, ce za ta biya.