Wasiƙar magunguna biyar bayan sallama daga asibiti

“Salamu alaikum. Ina aiki a wani farmasi a Tawa. An sallamo wani dattijo da sabbin magunguna biyar: omefrazol, furosemid, asfirin, metformin da simbastatin. Ƴaƴansa sun ce in rubuta musu yadda za su riƙa ba shi. Ta ina zan fara?”

Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe ina rubuta irin wannan takarda a Yamai, kuma abin da na gani shi ne, in ka jera ta magani bayan magani kamar ordonansi, ba mai bin ta. Jera ta bisa lokaci, lokacin kuma ka ɗaura shi a kan salla da abinci. “Sau biyu a rana” kowa da yadda yake fahimtarsa, amma ba gidan da ake saɓani kan Magariba.

Ga yadda nake yi, adadin kuwa ka kwafo shi daga ordonansin likita. Bayan Asuba, omefrazol shi kaɗai da ruwa, minti 30 kafin a karya, don a cikin da ba komai ya fi aiki. In an zo karin kumallo, furosemid, asfirin da metformin na farko. Metformin na biyu tare da tuwon dare, simbastatin bayan Isha'i, domin da dare hanta ta fi sarrafa kitsen jini. Magani biyar ya koma zama huɗu.

Furosemid ne ya fi son bayani. Ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa maganin fitar da ruwa ne, fitsari zai taso cikin awa guda, ya ɗauki wajen awa 6. In ba ka faɗa ba, tsoho zai ga ya hana shi zaman kasuwa ya mayar da shi dare, sai ya kwana yana fita da buta, ga jiri, ga duhu. Haka faɗuwa ke samuwa. Kuma da zafin Tawa, ran da gudawa ko amai suka kama shi, ko ya kasa cin abinci, kar su ci gaba da ba shi furosemid da metformin ido rufe, su nemi likita a ranar, don ƙoda na iya taɓuwa.

Asfirin layi biyu ya ishe shi: kashi baƙi wuluk alamar jini ne a ciki, a tafi asibiti, kuma ban da diklofenak ko ibuprofen na masu talla a tire. In an manta wani magani har lokacin na gaba ya yi, a bar shi, kar a haɗa biyu.

Ka sa lamba 1 zuwa 5 a jikin kwalayen, ka rubuta lambobin a takardar, don mai bayarwa sau da yawa ba mai karatun ba ce. Ka tambayi wa ke dafa wa Baba abinci, ita za ka karanta wa, ta maimaita maka da bakinta. Sannan su kawo maka tsoffin magungunan da ke gida ka duba, domin metformin ɗin nan na iya kasancewa a ciki da wani suna, a wani kwali.