Gaisuwa a ɗakin ganawar neman aiki

«Jibi zan je ganawar neman aiki a wata ƙungiya nan Damagaram. In na shiga, in miƙa hannu ko in jira?»

Jira, ɗan'uwa. A wajenmu babba ke fara miƙo hannu, ba mai nema ba. Yi sallama daga bakin ƙofa, da murya da za a ji, ka faɗi sunanka. Wanda ya miƙo, ka kama da hannun dama, riƙo ɗaya, ba matsewa ba kuma ba sako-sako ba. In mace ce cikin masu tambayar, ɗora hannu a ƙirji ya isa, sai in ita ta miƙo.

Inda mutane ke ɓata abin shi ne doguwar gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, ya zafi. Wannan ta zaure ce. In da Faransanci suka tarbe ka, amsa da Faransanci nan take, don tun daga nan suke auna bakinka. Kar ka zauna sai an nuna maka kujera.

In bakinka na sarƙewa, nemi wani tsohon ma'aikaci ku gwada shigar tun gobe.