Firji: kuɗi hannu ko biyan mako-mako?

Tambaya: Ina sayar da zoɓo da kunun aya a Unguwar Rogo, Jos. Na ga firji a wani shago wajen Taminus, kuɗi hannu N300,000. Mai shagon ya ce in ba da N60,000 in ɗauka, sannan in riƙa kawo N8,000 duk mako har sau 40. Wanne ya fi mini?

Amsa: 'Yar'uwa, mu fara da lissafi. N8,000 sau 40 ya kama N320,000, ki haɗa da kafin alƙalami, jimla N380,000. Ƙarin N80,000 ke nan. Kuma kada ki auna shi da N300,000, domin abin da ake bin ki N240,000 ne kawai. Wato a kan kowace naira uku da kika ci bashi, za ki ɗora ɗaya, cikin wata tara da 'yan kwanaki.

Ga wata hanyar duba shi. Da za ki riƙe dubu sittin ɗinki, ki riƙa zuba N8,000 a adashi, mako 30 ya ishe ki haɗa kuɗin firjin. Makonni goman ƙarshe na mai shago ne. Abin da kike saye da N80,000 ɗin shi ne samun firji mako 30 da wuri, kusan N2,700 duk mako. In firjin zai ƙara miki riba sama da haka bayan kin cire kuɗin wuta, to bashin ya biya kansa, ballantana farashi na iya tashi kafin ki kwashi adashin. Amma fa Jos muke. Daga Disamba zuwa Janairu, wa ke neman zoɓo mai ƙanƙara? Ciniki zai ja baya, dubu takwas kuwa ba ta san hunturu ba. In za ki ɗauka, ki bari sai zafi ya kunno kai, wajen ƙarshen Fabrairu.

Sai abin da ba a faɗa da baki: kuɗin fom, kuɗin dako, kuɗin keke zuwa shago duk mako, da tarar makara. Mafi nauyi shi ne, a irin wannan ciniki firjin na mai shago ne har ki biya na ƙarshe. In kika gaza bayan mako na 30, zai iya zuwa ya ɗauke, alhali N300,000 ɗinki na hannunsa. Dokar irin wannan ciniki ta 1965, in ban da motoci, ta tsaya ne a kan kayan da bai wuce N2,000 ba, don haka takardar da kika sa wa hannu ita ce madogararki. Ki sa a rubuta jimlar kuɗin, da kwanakin da za a ɗaga miki ƙafa in kin makara, da abin da za a mayar miki in an karɓe kayan. Batun tara kuma ki kai wa malami, domin ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne ake kira kuɗin ruwa.

Ni dai in kina samun ƙanƙarar saye kusa da gida, adashin zan zaɓar miki.