Yaro mai shekara biyu da kukan lokacin barci

Tambaya: "Ɗana mai shekara 2 ba ya barci sai ina kwance kusa da shi. Da na tashi sai ihu. Ya zan yi ba tare da na bar shi yana ta kuka ba?"

'Yar'uwa, fara da duba lokaci. Yaro mai wannan shekaru yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana. In ya tashi daga barcin rana ƙarfe 5 na yamma, ba zai ji barci ƙarfe 8 ba. Ki tashe shi wajen ƙarfe 3, ki kashe waya da talabijin awa ɗaya kafin kwanciya.

Sai ki janye jikinki a hankali. Dare uku na farko ki zauna a bakin gado, hannunki a bayansa, kada ki kwanta. Dare uku na gaba ki koma kan kujera kusa, ba taɓawa, sai murya ƙasa-ƙasa: "Ina nan, yi barci." Daga nan ki riƙa matsar da kujerar har bakin ƙofa. In kuka ya yi tsanani ki ɗauke shi ki rarrashe shi, amma ki mayar da shi idonsa biyu, domin yadda barci ya ɗauke shi haka zai nema in ya farka cikin dare.

Inda ake yawan ɓata abin shi ne a yi yau, gobe a koma kwanciya da shi don gajiya. Nan yake gane cewa dogon kuka yana biya.

In yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ko yana jan kunne ga zazzaɓi, ki kai shi wurin likita tukuna. Kada ki ba shi maganin mura don ya yi barci.